Tamomita biyar, bokiti ɗaya, amsa biyar: yadda ni da 'yan ajina muka gano mai gaskiya

"Salam Malam. Ina koyar da kimiyya a aji biyu na ƙaramar sakandare a nan Kano. Jiya na raba wa yara tamomita huɗu su auna ruwa ɗaya, kowa ya kawo min lamba daban, ɗaya 29 ɗaya 31 har da mai 27. Suka ce Malama wanne ne daidai, wallahi na rasa ta cewa. Lalacewa suka yi ne ko yaran ne ba su iya karantawa ba? Kuma ta ya zan gane na ƙwarai, tunda ba mu da kuɗin sayen sabbi?"

Wa'alaikumus salam Malama. Kada ki zubar da ko ɗaya tukuna, kuma kada ki yi saurin ɗora wa yaran laifi. Abu na farko da zan ce miki shi ne tamomita ba ya iya zama shaida a kan ɗan'uwansa. In biyu sun saɓa, kawo na uku ba zai raba gardamar ba, sai dai ya zama bakin mutum uku. Abin da ke raba gardama shi ne wani abu da kin riga kin san zafinsa tun kafin ki tsoma komai a ciki, kuma irin wannan abu guda biyu ne ke hannun kowa, ƙanƙarar da ke narkewa da ruwan da ke tafasa. Bari in ba ki labarin yadda ya faru a ajina, don ni ma sai da yara suka ƙure ni kafin na zauna na yi abin yadda ya kamata.

Lokacin ina koyarwa a wata sakandare a Zariya, cikin hunturu. Na buɗe kabad ɗin lab na kwaso abin da ya rage da rai: uku na gilashi masu zaiba, ɗaya na gilashi mai jan ruwa, sai ɗaya mai batir da dogon tsinken ƙarfe. Na ɗebo bokiti ɗaya daga tanki na raba yara gida biyar. Da aka zo rubuta amsa a allo sai ga 24, 24 da rabi, 26, 22, mai batir kuma ya ce 24.3. Wani yaro a bayan aji, irin waɗanda ba sa barin magana ta faɗi ƙasa, ya ce Malam to ruwan ne ke canjawa ko ma'aunin ne ke ƙarya? Aji ya kaure. Wasu suka ce a bi mai batir tunda shi har ɗigo yake bayarwa, wasu suka ce a haɗa duka a raba biyar, wata yarinya ta ce a yi zaɓe kawai, uku sun ce 24 ai sun yi rinjaye.

Duk shawarwarin nan uku akwai rami a cikinsu. Ɗigon da mai batir ke nunawa ba shaidar gaskiya ba ce, agogon da ke nuna daƙiƙa ma yana iya yin latti da minti goma. Haɗawa a raba yana taimako ne in kuskuren na tsautsayi ne, yau sama gobe ƙasa, amma in wani tamomita kullum yana ƙara digiri biyu to kin ɗauki ƙaryarsa kin raba wa sauran ne kawai. Rinjaye kuwa, in kamfani ɗaya ya buga guda ukun a rana ɗaya da kuskure iri ɗaya fa? Sai na ce musu kowa ya ajiye ra'ayinsa, mako mai zuwa za mu kafa kotu.

Kafin a zargi gilashi, a fara da hannu da ido

Washegari abin da muka fara yi shi ne liƙa wa kowanne lamba, 1 zuwa 5, da ɗan salatif a can saman. Ƙaramin abu ne amma in ba ki yi ba, bayan minti goma ba wanda zai iya ce miki wanne ne ya ba da 26 ɗin. Sannan muka sake awon bokitin, amma wannan karon duka biyar a lokaci guda, kawunansu a zurfi ɗaya, ba mai taɓa gindin bokiti ko gefensa, wani yaro yana ta juya ruwan da cokali, aka jira minti biyu cur kafin a karanta. Kuma kowane tamomita yara uku suka karanta shi ba tare da sun ji amsar juna ba.

Dalili kuwa, rabin saɓanin da ake gani a aji daga nan yake fitowa. Yaro zai tsoma ya ƙirga biyar ya zaro, ya kawo gaban fuskarsa yana karantawa, alhali da zarar jiƙaƙƙen kan ya fito cikin busasshiyar iskar hunturu ruwan jikinsa ya fara bushewa yana sanyaya shi, layin ya fara sauka. Wani kuma zai riƙe kan da yatsu kafin ya tsoma. Wani dogo yana leƙowa daga sama, gajere yana kallo daga ƙasa, layi ɗaya su karanta lamba biyu, don dole ido ya yi daidai da bakin layin. Ruwan da ba a juya ba shi ma ba zafinsa ɗaya ba, na sama da rana ta taɓa ya fi na ƙasa ɗumi. To Malama ki fara da wannan, in kin yi sa'a 29 da 31 ɗin naki za su matso kusa da juna ba tare da kin sayi komai ba.

Mu dai ba mu yi sa'ar ba. Yara ukun da ke karanta kowanne sun daidaita a tsakaninsu, amma lamba 3 ya tsaya a kan 26 ɗinsa, lamba 4 a kan 22. Nan muka tabbata matsalar tana jikin kayan.

Gwajin ƙanƙara

Ruwa mai tsabta da ƙanƙararsa in suna cakuɗe suna narkewa tare, zafinsu sifili ne, kuma zai tsaya a nan ƙyam muddin akwai ƙanƙara da ruwa tare, domin duk zafin da ya shigo daga waje narkar da ƙanƙarar yake tafiya yi, ba ɗumama ruwan ba. A Kano haka ne, a Jos haka ne, a Makka haka ne, tsayin gari bai dame shi da wani abin a zo a gani ba. Shi ya sa na fi yarda da wannan gwajin a kan na tafasa.

Amma karon farko mun ɓata shi, kuma laifina ne. Na sa aka sayo ƙanƙarar fiya wata, muka jefa dunƙule biyu cikin jug cike da ruwa muka tsoma. Duka biyar suka nuna sama da sifili, wasu 3 wasu 5. Yara suka fara murna wai duk maƙaryata ne. Abin da ya faru shi ne ƙanƙara tana yawo a sama, kawunan tamomita kuma suna can ƙasa, kuma ruwa ya fi nauyi ne a wajen digiri 4, to wannan ruwan mai digiri 4 shi ke sauka ya kwanta a gindin jug. Ashe ba ruwan ƙanƙara muke aunawa ba, ruwan sanyi ne kawai.

Yadda ake yi shi ne a naɗe ƙanƙarar a tsumma mai tsabta a farfasa ta da taɓarya har ta koma ƙanana kamar tsakuwa, a cika kofi ko fulas mai faɗin baki da ita dam tun daga ƙasa har sama, sannan a zuba ruwan sanyi kaɗan, iya wanda zai cike ramukan da ke tsakani, ba wanda zai ɗaga ƙanƙarar ta tashi ba. In kin ga ta taso ta bar ruwa zalla a ƙasa, tsiyaye ruwan ki ƙara ƙanƙara. A bar shi minti uku zuwa biyar, a juya, a tsoma kan tamomita a tsakiya. Kada a yi da busasshiyar ƙanƙara da ta fito daga firiza yanzu ba ruwa, wannan tana ƙasa da sifili sosai. Kuma kada a yi da ƙanƙarar zoɓo ko wadda gishiri ya taɓa, sukari da gishiri suna saukar da inda ruwa ke daskarewa, gishiri in ya yi yawa yana iya kai cakuɗin har wajen 21 ƙasa da sifili.

Da muka gyara, ga abin da ya fito. Lamba 1 ya nuna sifili daidai. Lamba 2 rabin digiri. Lamba 3 ya nuna 2. Lamba 4 ya sauka 1 ƙasa da sifili. Mai batir 0.2. Kin ga an fara ganin fuskar kowa.

Gwajin tafasa, da tarkon da ke cikinsa

Nan ne labarin ya yi daɗi. Muka ɗora tukunya a kan risho, ni kaɗai ke riƙe da kayan, yara suna karantawa daga gefe ɗaya bayan ɗaya, kuma ban yarda kan tamomita ya taɓa gindin tukunya ba don ƙarfen ya fi ruwan zafi. Ruwa ya tafasa sosai yana ɓulɓula. Lamba 1 ya tsaya a 98. Lamba 2 ma 98. Mai batir 97.9. Lamba 4 ya maƙale a 90. Lamba 3 kuwa ya hau ya zauna a kan 100 cif.

Aji ya ɗauki tafi. Ga mai gaskiya, ai littafi ya ce ruwa na tafasa a 100! Yaron nan na baya ya ce Malam an gama shari'a. Na ce to wanda ya ce ƙanƙara 2 ce jiya shi ne yau ya zama waliyyi? Sai aka yi tsit.

Maganar 100 ɗin nan a bakin teku take, inda iska ta fi danna saman ruwa. Duk sanda kika hau sama nauyin iskar yana raguwa, ruwa ya samu sauƙin tafasa, kuma a ƙiyasi duk hawan mita 300 yana rage kusan digiri ɗaya. Zariya tana wajen mita 650 sama da teku, 650 a raba da 300 ya ba da biyu da 'yan kai, wato ruwanmu zai tafasa a wajen 97.8, a tamomitan gilashi ki ce 98. Ku a Kano kuna wajen mita 480, naku zai zo kusan 98 da rabi. Mutanen Jos da suka haura mita 1,200 nasu wajen 96 ne. A Legas ne za a ga 100 ko dab da shi. Saboda haka a ajinmu duk wanda ya ce 100 ya ƙara biyu, kuma biyun nan ita ce dai wadda ya ƙara a ƙanƙara, ita ce ya ƙara a bokiti da ya ce 26 maimakon 24. Ban taɓa ganin darasin nauyin iska ya shiga kan yara kamar ranar ba, ni da ban ma shirya koyar da shi ba.

Kuskure iri biyu ne, kuma maganinsu ba ɗaya ba

Lamba 3 irin kuskurensa mai sauƙi ne, ƙari ɗaya ne daga ƙasa har sama, a cire 2 a kowane karatu an gama. Yarinyar da ta ce a yi zaɓe ita ta gano dalilin, ta ɗaga shi a hasken taga ta ce Malam layin a yanke yake. Da gaske, akwai 'yar tazara a cikin zaibar can ƙasa kusa da kan da ake tsomawa, tsawonta kusan gida biyu, ta tura na saman gaba. Wannan na faruwa in an jijjiga shi a mota ko ya faɗi ko an daɗe da jefa shi cikin tarkace. Na sanyaya kan cikin ƙanƙara mai gishiri har zaibar ta janye ƙasa, na riƙe shi a tsaye ina ɗan ƙwanƙwasa shi a tafin hannu a hankali, a karo na uku layin ya haɗe. Muka mayar da shi ƙanƙara mai tsabta ya nuna sifili. Wani lokacin kuma ba yankewa ba ce, irin masu takardar lamba a ciki ko na jikin katako da ake ratayewa a bango, gilashin ne ke zamewa daga kan lambobin.

Lamba 4 shi ne mai wuyar sha'ani, domin a ƙanƙara ya rage 1, a bokiti ya rage 2, a tafasa ya rage 8. Kuskurensa yana girma ne tare da zafi. Wani ɓangare na wannan ma ba laifinsa ba ne. Tamomitan gilashi iri biyu ne, akwai mai zobe ko layi a jikinsa wajen milimita 76 daga kai, shi iya nan ake tsoma shi, akwai kuma wanda aka yi shi don a nutsar da shi har zuwa inda ruwan cikinsa ya tsaya. Namu na biyun ne, ni kuma kan kawai na tsoma, dogon layin jan ruwan yana waje iska na sanyaya shi yana tsukewa. A mai zaiba wannan ba ya wuce rabin digiri ko sama kaɗan, amma jan ruwa ya fi zaiba buɗewa da tsukewa sau shida ko fi, don haka a tafasa yana iya cin digiri uku ko huɗu. Muka samo doguwar tukunya muka nutsar da shi sosai, ya hau zuwa 93. Ragowar kuwa daga wajen ƙira ne, ba yadda za a yi da shi sai lissafi.

Lissafin ba wuya. Tsakanin ƙanƙara da tafasa a garinmu digiri 98 ne na gaskiya. Shi kuma lamba 4 daga 1 ƙasa da sifili zuwa 93 ya yi tafiyar gida 94 ne kawai. Kenan kowane gida nasa ya fi digiri ɗaya kaɗan, 98 a raba da 94. Ga yadda muka rubuta a allo:

```
T = (K - S) × B / (F - S)
```

T shi ne zafin na gaskiya da ake nema, K abin da ya nuna yanzu, S abin da ya nuna a ƙanƙara, F abin da ya nuna a tafasa, B kuma zafin tafasa na gaskiya a garinku. Muka gwada da bokitinmu: ya nuna 22, a ƙara 1 ɗin da ya rage a ƙasa ya zama 23, sau 98 a raba da 94, ya fito 23.98, wato 24. Yara suka yi ihu don ya faɗo daidai kan lamba 1 da mai batir, kuma ba wanda ya tilasta shi. In ya nuna 60 kuwa, 61 sau 98 a raba da 94 ya ba da 63.6, kin ga da mun ce a riƙa ƙara masa 2 kawai da mun yi kuskure a can sama.

Iyakar wannan gwajin

Maki biyu kawai kika gwada, sai kika ɗauka tsakaninsu layi ne miƙaƙƙe. Galibi haka ne, amma in ramin cikin gilashin bai yi daidai ba, wani wuri faɗi wani wuri tsuke, zai iya yin gaskiya a ƙanƙara da tafasa ya karkace a tsakiya. Shi ya sa muka ƙara mataki na uku: muka ɗauki lamba 1 da ya ci gwaji biyun ya zama alƙali, muka cika fulas da ruwan ɗumi muka kwatanta sauran da shi a wajen 40, sannan a wajen 60, ana juyawa, ana karanta biyun a lokaci guda. Sannan shi kansa zafin tafasa yana ɗan motsi da yanayin iska na ranar, ba da yawa ba amma ya isa ki daina jayayya a kan rabin digiri. Tamomitan da gidajensa digiri ɗaya-ɗaya ne, in ya tsaya cikin digiri ɗaya na gaskiya to lafiyarsa lau a wajen aikin aji, lamba 2 namu ko gyara ba mu rubuta masa ba.

Na asibiti kuma kada ya kusanci tukunya. Na gilashin daga 35 zuwa 42 kawai yake, ruwan tafasa zai fasa shi, a ƙanƙara kuma ba zai nuna miki komai ba, ga shi yana da ɗan maƙogwaro da ke riƙe zaibar a sama sai an kaɗa shi ta sauko. In kina son duba shi, haɗa ruwa a fulas ya kai wajen 38 bisa ga alƙalinki, ki kaɗa shi ki tsoma su tare. Wannan zai nuna miki in ya yi nisa da hanya, amma ba zai iya tabbatar miki da ɗigo biyu ko uku da ake kallo wajen zazzaɓi ba, don alƙalin naki bai kai wannan kaifin ba. Bindigar goshi irin ta lokacin korona ita ma ba ta shiga wannan kotun, fata aka saita ta ta karanta ta ƙiyasta zafin jiki, in kika nuna ta a kofin ƙanƙara yawanci Lo kawai za ta rubuta miki. Mai batir kuma in ya fara ba da lambobin da ke tsalle, canja batir kafin ki yanke masa hukunci.

In mai zaiba ya fashe a aji, fitar da yara, buɗe tagogi, kada a share da tsintsiya don tana tarwatsa shi ne, a tattara ƙwayoyin da kwali biyu a zuba a kwalba mai murfi, kuma kada hannu ya taɓa.

Mu a ƙarshe yara suka yanka kwali ƙanana, kowane tamomita aka ɗaura masa nasa da zare, a jiki an rubuta lambarsa, abin da ya nuna a ƙanƙara, abin da ya nuna a tafasa, gyaran da za a yi masa, da ranar gwaji. Duk farkon zango muna maimaita na ƙanƙara kawai, minti ashirin ne da fiya wata huɗu, na tafasa kuma sau ɗaya a shekara ko in wani ya faɗi ƙasa. Lamba 4 ban jefar da shi ba. Duk sabon aji shi nake fara miƙa wa rukunin da suka fi surutu, bayan na cire kwalin na sa a aljihu.